Ta'aziyya zuwa ga 'yata Hadiza

Assalamu alaikum.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hadiza, ya haƙuri? Daren Talata labarin rasuwar mahaifinki ya iso mana daga Funtua, aka ce an kai shi makwancinsa bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan.

Ba zan ce miki kin rasa bangon jingina ba, domin ni da ke mun san ba ki jingina da shi ba. Kina shekara tara ya rabu da innarki, shekara ashirin da biyu ke nan ba aike ba saƙo, ranar ɗaurin aurenki ma wakili ya turo. Innarki ta ce tun da aka gaya miki ba ki zubar da hawaye ba, kina ta tambayarta ko zuciyarki ce ta ƙeƙashe. Ba ta ƙeƙashe ba, 'yata. Mai irin wannan rashi yau zai ji haushi, gobe tausayi, jibi ya ji kamar an sauke masa kaya, sannan kunyar jin hakan ta kama shi. Wani sai bayan arba'in kukan ke zuwa masa, yana tsakar wanke-wanke. Sau da yawa ba mamacin kaɗai ake wa kukan ba, har da ranar nan da aka daɗe ana jira, wadda zai yi sallama a ƙofar gida ya ce a yi haƙuri. Ita ma an binne ta tare da shi. Abin da ya ɗarsu a zuciya ba a kama bawa da shi, sai wanda ya furta ko ya aikata. Harshenki kawai za ki tsare, don Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Shawarata ki je kafin a tashi daga zaman makoki. Ki nemi izinin maigidanki, ki tafi da Yaya Binta don kada ki shiga gidan ke kaɗai. Ba dole ki kwana ba. Ki fara gaida Gwaggo, ita ce babba, sannan ki shiga wurin matarsa mai takaba, wata huɗu da kwana goma ke gabanta. Ƙannenki na gidan ba su da hannu a abin da ya faru, wasunsu ko haihuwarsu ba a yi ba. Za ki ji ana yabonsa, ana cewa mutum ne mai zumunci da kyauta, abin zai sosa miki rai. Wataƙila haka ya zame musu. Ba sai kin gaskata ba, ba sai kin ƙaryata ba. Duk wanda ya ce ya haƙuri, ki ce haƙuri da godiya, Allah ya ba da lada, ki tsaya nan. Inda ake samun ɓaraka shi ne wata ta yi gugar zana, ta ce sai yau aka ga hanya, a mayar mata, makoki ya koma tonon silili. In kin ji haka ki tashi ki yi alwala.

Za a matsa miki a gaban jama'a ki ce kin yafe. Haƙƙin naki ne, kuma yafiyar da aka ƙwata da idon mutane ba ta sauka a zuciya. Ina miki kwaɗayin ladanta ƙwarai, amma in ba ta zo ba tukuna, ki ce musu kina masa addu'a, ki kuma yi ta da gaske. Bayan kowace salla ki ce Allahummagfir lahu warhamhu, ko da baki ne kaɗai ke faɗa. Addu'ar ɗa tana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa mamaci. In da hali ki yi masa sadaka, ko kwanon gero ne.

Sai maganar gado, don na san halinki, za ki ce ba kya so. Rashin jituwa ba ya hana gado, rabonki Allah ya yanka miki a Suratun Nisa'i. Za a fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi. Matarsa na da tumuni, innarki ba ta ciki tunda aure ya daɗe da mutuwa. A tsakanin 'ya'ya, namiji na da rabon mata biyu. Kada ki sa hannu a wata takarda, kada kuma ki ce kin bar musu cikin fushi. Ki bari malami ko alƙali ya raba, ki san naki, sannan ki kyautar in kin ga dama.

Ki riƙa cin abinci ko ba daɗin baki. In barci ya ƙi, ki kira ni ko da tsakar dare ne. Ranar Asabar ina nan tafe Kaduna in sha Allahu. Ki gaida maigidan da yara.

Kawunki,
Sani