Darasi na 7: Yadda fomular anuwiti ke fitowa daga jeri mai ninki

Lissafin Kasuwanci, ajin yamma. A karanta wannan takarda kafin zaman ranar Asabar, da biro da kalkuleta a hannu.

Ɗalibai, a gwajin da ya wuce da yawanku sun rubuta fomular anuwiti daga hadda, amma da tambaya ta mayar da biyan zuwa farkon shekara sai hannu ya tsaya. Dalili shi ne ba ku ga inda fomular ta fito ba. Yau za mu gina ta layi-layi, kuma ina so kada kowa ya wuce layi sai ya iya faɗin abin da ya halatta shi.

Anuwiti shi ne kuɗi adadi ɗaya da ake biya a kai a kai, tazarar lokacin ma iri ɗaya: duk wata, ko duk shekara, har adadin da aka yi yarjejeniya ya cika. Ga misalin da za mu riƙe. Malam Garba ya sayar da fili, mai saye zai riƙa ba shi naira 100,000 a ƙarshen kowace shekara har shekara 5. Sai mai sayen ya ce yana so ya biya duka yau ya huta. Nawa ya kamata ya bayar? Mu ɗauka kuɗi a hannun Malam Garba, idan ya juya shi a kasuwanci, yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 a shekara.

Haruffanmu huɗu ne. R shi ne kuɗin kowane biya, n yawan biyan, i ƙaruwar da naira ɗaya ke yi a tazara ɗaya (a nan 0.10), PV kuma darajar dukan biyan a yau. Wasu cikinku sun tambaye ni ko wannan lissafin na masu kuɗin ruwa ne kawai. Littattafan banki da kuɗin ruwa suke cika i, gaskiya ne. Amma lissafin kansa bai tambayi daga ina i ya fito ba: ribar da mutum ke samu a sana'arsa ma i ce, haka abin da hauhawar farashi ke zaftare wa naira duk shekara. Hukuncin ciniki na malaman fiƙihu ne, mu namu auna darajar kuɗi tsakanin yau da gobe.

Mu fara da biya guda. Naira ɗaya ta yau za ta zama 1 + i bayan shekara. To naira ɗaya da za a karɓa baɗi, darajarta a yau ita ce 1 a raba da 1 + i. Don kada rubutu ya yi mana yawa, mu raɗa wa wannan suna:

```
(1)  v = 1/(1+i)
```

A misalinmu v = 1/1.1 = 0.909091. Kuɗin da zai zo bayan shekara biyu sai an dawo da shi baya sau biyu, wato a ninka da v, a sake ninkawa da v. Na shekara ta uku sau uku. Saboda haka darajar dukan biyan ita ce:

```
(2)  PV = Rv + Rv^2 + Rv^3 + ... + Rv^n
```

Ku tsaya a wannan layin, domin dukan maganar kuɗi a nan ta ƙare. Abin da ya rage aljabara ne zalla. Ku lura biya na farko yana ɗauke da v guda, saboda sai shekara ta ƙare ake yin sa. Ku kuma ƙirga: gaɓoɓin n ne cif.

R yana cikin kowace gaɓa, sai mu fitar da shi waje:

```
(3)  PV = R(v + v^2 + v^3 + ... + v^n)
```

Abin da ke cikin baka jeri ne mai ninki: kowace gaɓa ita ce wadda ta gabace ta sau v. Mu kira jimlarsa S.

```
(4)  S = v + v^2 + v^3 + ... + v^n
```

Yanzu ga dabarar da komai ya rataya a kanta. A ninka ɓangarorin biyu da 1 + i. Tunda v sau 1 + i yana ba da 1, kowace gaɓa za ta sauka mataki ɗaya: v ya koma 1, v^2 ya koma v, ta ƙarshe ta koma v^(n-1).

```
(5)  (1+i)S = 1 + v + v^2 + ... + v^(n-1)
```

Ku rubuta layi na 4 a ƙarƙashin na 5 a littafinku, ku daidaita su yadda v zai zauna ƙarƙashin v, v^2 ƙarƙashin v^2. Za ku ga jerin biyu kusan abu ɗaya ne. Na 5 yana da 1 a gaba wanda na 4 ba shi da shi, na 4 kuma yana da v^n a ƙarshe wanda na 5 ba shi da shi. Duk na tsakiya iri ɗaya ne, ko da biyan ya kai 5, ko 360. Idan aka ɗebe na 4 daga na 5, na tsakiyar duk sun tafi:

```
(6)  (1+i)S - S = 1 - v^n
```

Wanda bai gamsu ba ya gwada da n = 3, ya rubuta gaɓoɓin duka ba tare da ɗigo-ɗigo ba, ya soke su da hannunsa. Na fi son ku yi wannan sau ɗaya da ku haddace fomula sau goma.

A hagu, S ɗaya da iS ne, aka cire S ɗaya, saura iS:

```
(7)  iS = 1 - v^n
(8)  S = (1 - v^n)/i
```

Daga 7 zuwa 8 mun raba da i, kuma ba a raba abu da sifili. Idan i sifili ne fomular ba ta aiki, amma ba ma buƙatarta: v ya zama 1, kowane biya yana nan da darajarsa, PV kuwa n sau R ne kawai. Mai gyara takarda yana lura da wanda ya ambaci wannan sharaɗin.

A mayar da S cikin layi na 3, a kuma rubuta v^n da asalin kamanninsa:

```
(9)  PV = R[1 - (1+i)^(-n)]/i
```

Fomular da ke cikin littafinku ke nan. A ajin sakandare an koya muku jimlar jeri mai ninki da a(1 - r^n)/(1 - r). Idan kuka sa v a gurbin a, kuka sa v a gurbin r, nan za ku iso, domin 1 - v daidai yake da iv, sai v na sama ya soke na ƙasa. Wannan ilimi ya girmi bankuna da nisa: ƙa'idar tara irin wannan jeri tana cikin littafi na 9 na aikin Yuklid, masanin lissafin da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Mu koma wurin Malam Garba. 1.1 sau kansa har sau 5 ya ba da 1.61051, don haka v^5 = 0.620921.

```
S  = (1 - 0.620921)/0.10 = 3.79079
PV = 100,000 × 3.7907868 = 379,078.68
```

Wato naira 379,078 da kwabo 68, maimakon 500,000. (A layin PV na bar lambobin kalkuleta da tsawonsu. Kada ku datse lamba sai a ƙarshen aiki, in ba haka ba kwabo zai ɓace.)

Kada ku yarda da amsar don ni na faɗa. A ce Malam Garba ya karɓi kuɗin yau ya juya, yana cire 100,000 duk ƙarshen shekara:

```
379,078.68 × 1.1 - 100,000 = 316,986.55
316,986.55 × 1.1 - 100,000 = 248,685.20
248,685.20 × 1.1 - 100,000 = 173,553.72
173,553.72 × 1.1 - 100,000 =  90,909.09
 90,909.09 × 1.1 - 100,000 =       0.00
```

Ya ci 100,000 sau biyar, kuɗin ya ƙare daidai a biya na ƙarshe. Ma'anar PV ke nan: kuɗin da in an ajiye shi yau zai biya dukan alkawarin, babu saura babu giɓi.

Sauran fomulolin babin duk 'ya'yan layi na 9 ne, ba sa buƙatar sabuwar hadda. Idan ana son darajar biyan a ranar biya na ƙarshe, wadda za mu kira FV, kamar mai tara kuɗi duk shekara, sai a tura PV gaba shekara n, wato a ninka da (1+i)^n:

```
(10)  FV = R[(1+i)^n - 1]/i
```

A misalinmu 0.61051 a raba da 0.10 ya ba da 6.1051, wato naira 610,510.

Sai tambayar da ta kayar da ku. Kuɗin hayar shago ko gida a wurinmu a farkon shekara ake biya. Kowane biya ya matso kusa da shekara ɗaya, don haka layi na 2 zai fara da R tsurarsa, ya ƙare da Rv^(n-1). Ku duba layi na 5: shi ne wannan jerin, mun riga mun rubuta shi. Amsa ita ce layi na 9 sau 1 + i, a nan naira 416,986.55.

Idan kuma biyan ba shi da ranar ƙarewa, v bai kai 1 ba muddin i ya fi sifili, don haka v^n yana ta ƙanƙancewa, layi na 9 ya doshi R/i. Naira 100,000 duk shekara har abada, a kan kashi 10, darajarta miliyan ɗaya ce kacal.

Gargaɗi biyu. Dole i da n su yi magana da tazara ɗaya: in biyan na wata-wata ne, i na wata ne, n kuma yawan watanni. Sannan anuwitin da ma'aikacin da ya yi ritaya ke saya daga kamfanin inshora, wanda dokar fansho ta Nijeriya ta 2014 ta ba shi zaɓinsa, ba shi da n sananne, domin ana biya ne muddin yana raye. A can kowace gaɓa ta layi na 2 sai an ninka ta da yiwuwar mutumin ya kai wannan shekarar, jerin ya daina zama mai ninki ɗaya, dabarar layi na 6 ba ta ci. Irin wannan lissafi Johan de Witt, jigo a gwamnatin Holan, ya yi wa hukumar ƙasarsa a 1671, Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila, kuma ya kafa shi a kan teburin mace-macen birnin Breslau a 1693. Za mu taɓa shi a zango na biyu.

Aikin gida, a kawo ranar Asabar. Na ɗaya, ku sake fitar da layi na 8, amma a wannan karon ku ninka layi na 4 da v maimakon 1 + i, ku nuna amsar ba ta canza ba. Na biyu, naira 50,000 duk ƙarshen shekara har shekara 3, a kan kashi 5: ku nemo PV ta hanyar tara gaɓoɓin uku ɗaya bayan ɗaya, sannan da fomula, duka biyun su ba ku 136,162.40. Na uku, an sayi injin niƙa wanda kuɗinsa hannu da hannu naira 1,200,000 ne, za a biya a wata 12, kowane ƙarshen wata, i na wata 0.02. Ku juya layi na 9 ku fitar da R, sannan ku gwada amsarku da tebur irin na Malam Garba har ragowar ta sauka sifili. Kowane layi a rubuta dalilinsa a gefe. Amsar da ta zo ba dalili rabin maki za ta samu.