Ido rawaya, fitsari ja, baki ya ƙi abinci: faɗakarwar safiya ga masu jiran ganin likita

Assalamu alaikum. Iyayena mata, iyayena maza, 'yan'uwa, barkanku da asuba. Kafin a fara kiran kati, ku ara mini hankalinku kaɗan, domin damina ta zauna, ruwan rijiya ya gurɓace a unguwanni da yawa, kuma a irin wannan lokaci ne masu ciwon shawara ke ƙaruwa a kan bencin nan.

Alamomi uku nake so ku riƙe: farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, sannan mutum ya daina sha'awar abinci. Kowacce ita kaɗai tana iya zama ba wani abu ba. Mai azumi ko wanda ya yini a gona bai sha ruwa ba, fitsarinsa zai yi duhu, da ya sha ruwa kuma sai ya washe. Rashin cin abinci kuwa ko mura tana kawo shi. Amma idan ukun suka haɗu a jikin mutum ɗaya, mu ma'aikatan lafiya hanta muke fara tuhuma, kuma ga dalili.

Jajayen ƙwayoyin jini ba su dawwama. Kowacce tana yin kamar kwana 120, sai ta tsufa, jiki ya farfasa ta, galibi a saifa. Daga wannan farfasawar ake samun wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Kullum ana samar da shi, a jikina da jikinku. Aikin hanta ne ta tsamo shi daga jini, ta sarrafa shi yadda zai narke a ruwa, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji, ya fita da bayan gida. Shi ne ma ke ba bayan gida launin da kuka sani. To idan hanta ta kumbura ta kasa aikin, ko hanyar da ruwan matsarmama ke bi ta toshe, sinadarin nan ba shi da mafita sai ya koma cikin jini ya taru. Farin ido yana kama shi da sauri, kuma da yake fatarmu baƙa ce, a ido ake fara ganewa. Ku duba da hasken rana, kada ku duba da kwan lantarki ko fitilar waya. A ja fatar ido ta sama, mutum ya kalli ƙasa. Mutane da yawa idonsu ya ɗan yi ƙasa-ƙasa saboda ƙura da rana, wannan daban; na shawara ya game farin idon duka, har ƙarƙashin harshe kan nuna.

Fitsarin kuma fa? Sinadarin da hanta ta riga ta sarrafa amma ya rasa hanyar hanji, ƙoda ce ke tace shi ta zubar, shi ya sa fitsari ke yin ja, kuma ko an sha ruwa da yawa ba ya washewa sosai. Sau da dama fitsarin ke riga idon canzawa da 'yan kwanaki. Idan kuwa hanyar ta toshe ƙwarai, bayan gida sai ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, musamman da dare. Wannan bayani ne mai amfani sosai ga likita, saboda haka a daina kunyar faɗa.

Rashin cin abincin shi ke fara zuwa, shi kuma aka fi rainawa. Kasala, tashin zuciya, ɗan zazzaɓi, ƙamshin suya ya zama abin ƙyama, mai shan taba ma wani lokaci ya ji ta fita daga ransa. A nan ake cewa maleriya ce, a je kemis, a sha magani, sai bayan mako guda ko fiye ido ya canza launi.

Me ke taɓa hantar? Akwai ƙwayoyin cutar da ke shiga ta baki, wato ciwon hanta nau'in A da E, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Galibi mutum na warkewa da kansa cikin makonni, amma nau'in E mugu ne ga mai juna biyu. A 2017 ya ɓarke a yankin Diffa na Nijar da kuma jihar Borno, kuma a Diffa mata masu ciki ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu. Akwai nau'in B da C, masu bin jini: askar wanzami da ba a canza ba, almakashin mai yankan farce, allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba. Nau'in B yana bin saduwa, yana kuma bi daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu kuma garau suke ji. Bayan waɗannan akwai giya, akwai shan farasitamol fiye da ƙima, akwai wasu magungunan tarin fuka, da wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Na ce muna tuhumar hanta, ban ce mun yanke mata hukunci ba. Mai sikila idonsa kan yi rawaya domin jininsa na farfashewa da sauri fiye da yadda lafiyayyar hanta za ta iya kwashewa. Maleriya mai tsanani ma haka. Tsakuwa a matsarmama kan toshe hanya alhali hantar kanta lafiya lau. Ga kuma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda yake da allurar rigakafinsa. Dukansu rawayar ido iri ɗaya suke nunawa, magani kuwa kowanne da nasa. Wannan ne ya sa ba na yarda da kwalbar da ake talla a kasuwa da lasifika wai maganin shawara ce kowace iri. Baba, na ga kana murmushi, na san akwai wanda ya sha ya warke. Wataƙila nau'in A ne, wanda da ma zai tafi ko bai sha komai ba. Wanda nasa B ne ko toshewa, jiƙon ya ƙara wa hanta aiki ne kawai, ya kuma cinye masa lokaci.

Abin da muke yi a nan ba wuya. Za a ɗibi jini a duba aikin hanta, a takardar za ku ga an rubuta LFT. Za a gwada nau'in B, shi ne HBsAg, a gwada C da maleriya, wani lokaci a tura ku hoton ciki. Ku zo da duk abin da mara lafiya ya sha, na asibiti da na gargajiya. Ba faɗa za mu yi muku ba. Kafin sakamako ya fito, a huta, a sha ruwa mai tsabta, a ci abin da ciki ya karɓa kaɗan-kaɗan, kunu ko fate, kada a ƙara wani magani sai da izinin likita. Wanda ke shan maganin tarin fuka idan idonsa ya canza, ya koma inda ake ba shi maganin a ranar.

Akwai waɗanda ba sa jiran gari ya waye: mai ciki da idonta ya yi rawaya, mara lafiyar da ya fara ruɗewa ko yawan barci ko surutai, mai aman jini ko baƙin bayan gida, wanda cikinsa ya kumbura, da wanda ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Jariri sabon haihuwa ma da ya yi rawaya a kawo shi a duba, nasa lissafin daban ne.

Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi, galibi cikin mako 12. Nau'in B akwai maganin da ke danne shi ga wanda gwaji ya nuna yana bukata, kuma idan an same shi ga mutum ɗaya, a gwada matarsa ko mijinta da 'ya'ya, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Masu ciki, allurar farko ta nau'in B ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira suna. Mai tambaya ya same ni a tebur na biyu. Yanzu masu kati daga lamba 1 zuwa 10 su matso a auna su.