Hotunan da suka tsira daga shara

Waya ta ce ta cika maƙil, sai na shiga goge-goge. Waɗannan ne hannuna ya kasa taɓawa, ga kuma abin da na rubuta a ƙarƙashin kowanne.

Ni a bakin taga, hasken safe ya zauna min a fuska daidai: "Aikin rana ne wannan, amma na karɓi yabon a madadinta."

Hoton katin shaidata kuwa, fuska a murtuke, kunne ɗaya ya fi ɗaya fitowa: "Duk wanda ya ga wannan bawan Allah, ya taimaka ya sanar da hukuma mafi kusa."

Kyanwarmu ta miƙe ƙafa a kan kwamfuta: "Shugaba ta ce a tashi daga aiki. Wa ya isa ya yi musu?"

Mu abokan aiki a jere, kowa ya washe baki, Sani shi kaɗai ido a rufe: "Bakwai muka tsaya, shida suka halarta."

Ƴar yayata tana birgima a ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe: "An hana ta tauna rimot. Ta ce za ta ɗaukaka ƙara."

Na Kaka daban ne. Tana zaune, ta ɗora hannu a kan gwiwa, tana irin murmushin nan da ba ta cika yi wa kyamara ba. Wannan ba hoton tsokana ba ne, kuma dama ta riga ni, don haka maganarta kawai na sa: "Na nuna mata, ta daɗe tana dubawa, ta ce, 'Kai ɗan nan, wace tsohuwa ce wannan mai kyau haka?' Allah ya ƙara miki lafiya, Kaka."

Baba ya gwada ɗaukar kansa, goshi da fanka kawai suka fito: "Fanka ta yi kyau, ma sha Allah. Baba ya zo rakiya." Wannan a status na WhatsApp ya tsaya, inda awa 24 ke share laifi, kuma sai da na ɓoye masa tukuna. Ba ni da wani gidan.

Takalmin motsa jiki, sabo fil: "Ranar farko, kuma ranar bankwana."

Sai wanda Facebook ya tono daga 2014, wando ya ƙi kaiwa idon sawu, tabarau ya cinye rabin fuska: "Facebook, me na tsare maka?"

Abokina Musa da hannu a ɗaure, yana dariya. Na tambaye shi kafin in ɗora, ya ce in sa abin da na ga dama: "Ya ce wa tsani 'na iya'. Tsani ya ce bismilla. Sannu, jarumi."

Na ƙarshe dishi-dishi ne, reshe da sarari kawai: "Wallahi akwai tsuntsu a nan."