Neman ƙarin lokaci a kan babi na huɗu

Kaduna, 3 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan an shiga azumi lafiya, ina neman alfarmar a ɗaga mini ranar miƙa babi na huɗu, wanda ya shafi zaman mabiya addinai mabambanta a garin Kaduna, daga 14 ga Maris zuwa 9 ga Mayu.

Babban dalilin yana cikin babin kansa. An gina shi a kan ra'ayin John Hick, cewa manyan addinai hanyoyi ne daban-daban zuwa ga gaskiya guda. Cikin mutum 18 da aka yi hira da su a Tudun Wada, Kakuri da Sabon Tasha, babu limami ko fasto da ya yarda da wannan. Kowa ya tsaya a kan cewa addininsa ne gaskiya, amma kuma suna cin kasuwa ɗaya, suna zuwa wa juna ta'aziyya. Idan babin ya tafi a haka, zai nuna kamar babu zaman tare, alhali akwai. Mahangar Diana Eck ta fi dacewa, domin ita cuɗanya da sanin juna take dubawa, ba ta neman kowa ya sassauta aƙidarsa. Sauya mahangar na nufin sake tambayoyi 5 cikin 12, da kuma daidaita babi na biyu.

Akwai giɓi kuma. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 garin ya rabu, Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu, amma mutum 6 kaɗai na samu daga kudu. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ba na son babi a kan zaman tare ya fito da muryar ɓangare guda. Ina kuma buƙatar tattaunawa da cibiyar Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 22 ga Agustan 2002.

Yanzu limamai na kan tafsiri, fastoci kuma ba za su samu sarari sosai ba sai bayan Ista, 20 ga Afrilu. Saboda haka zan yi amfani da watan Maris wajen rubuta hirarrakin da ke faifai (hirar awa guda tana cin kusan awa biyar) da gyara sashen doka, wato sashe na 10 da na 38 na tsarin mulkin 1999, masu magana a kan hana gwamnati ɗaukar addini guda da kuma 'yancin addini. Bayan Sallah zan koma wurin limamai, daga 22 ga Afrilu kuma fastoci 6. Zan turo sababbin tambayoyin ranar 17 ga Maris domin Malam ya duba kafin in fita da su.

Idan sashenmu na buƙatar takarda a kan wannan, zan kawo don a sa hannu. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ɗalibarka,
Hauwa