Wasiƙar neman sayen lasisin manhajar zane domin ɗakin CAD na ɗalibai

Sashen Injiniyancin Kanikanci,
Tsangayar Injiniyanci.
3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Jami'a,
Ta hannun Shugaban Tsangayar Injiniyanci,
Ta hannun Shugaban Sashen Injiniyancin Kanikanci.

Ranka ya daɗe,

NEMAN AMINCEWA DA SAYEN LASISIN ILIMI NA MANHAJAR SOLIDWORKS DOMIN ƊAKIN CAD

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne malamin da sashe ya ɗora wa kula da ɗakin CAD, wato ɗakin zane da ƙira da kwamfuta, kuma ni ke koyar da darasin zanen injiniya da kwamfuta ga ɗaliban aji biyu da aji uku. Ina roƙon jami'a ta amince da sayen lasisin ilimi na manhajar SOLIDWORKS, irin wanda ake rabawa ta saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, mai ɗaukar aƙalla mutum 42 a lokaci guda, tare da kuɗin sabuntawa na shekara uku. Takardun farashi daga dillalan da kamfanin ya amince da su suna haɗe da wannan wasiƙa.

Jami'a ta riga ta yi babban aikin. A bara an zuba mana kwamfutoci 40 a ɗakin, kowacce da RAM mai gigabait 16 da katin hoto mai iya ɗaukar zane mai siffa uku, an kuma ja musu waya zuwa saba guda. Abin da babu shi ne halastaccen lasisin SOLIDWORKS, manhajar da aka gina darussan ƙirar a kanta. A halin yanzu ɗalibai 186 ne ke shiga ɗakin kowane mako, rukuni biyar. Zanen shimfiɗe muna yin sa yadda ya kamata. Da an zo ƙirar sassan inji da harhaɗa su a SOLIDWORKS, sai mu koma nuni: malami ya buɗe kwamfutarsa a gaban aji, ɗalibai suna kallo suna rubutu. Hannu kuwa ba ya koyon aiki da kallo.

Na san tambayar farko da kwamitin saye-saye zai yi, kuma tambaya ce mai kyau: ai akwai na kyauta, me ya sa za a kashe kuɗi? Akwai, kuma muna amfani da su. Kamfanin Autodesk yana bai wa makarantu da ɗalibai da malamai manhajojinsa kyauta domin karatu, ciki har da AutoCAD da Inventor da Revit da Fusion, da sharaɗin a tabbatar masa cewa makaranta ce ta gaskiya, a kuma riƙa sabunta izinin. Saboda haka ban nemi ko kwabo domin waɗannan ba. Abin da nake buƙata a wannan ɓangare shi ne ofishin Magatakarda ya ba da takardar shaida, sashen fasahar sadarwa kuma ya riƙe asusun da sunan jami'a, maimakon ya zauna a adireshin imel na wani malami da zai iya tafiya hutun nazari gobe. Haka nan FreeCAD, wadda kowa ke iya saukewa ba tare da lasisin kuɗi ba, ta fitar da sigarta ta 1.0 a watan Nuwamban 2024, ta kuma inganta ƙwarai. Na sa an girka ta a dukkan kwamfutocin, ina kuma ba ɗalibai shawarar su riƙe ta a gida. Onshape ma tana da tsarin kyauta ga makarantu, sai dai a intanet take aiki gaba ɗaya. Idan layi ya yanke ana tsakiyar jarrabawar aiki, ɗalibai arba'in sun tsaya cik.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne manhajar da aka gina darussan ƙira na aji uku da ayyukan kammala karatu a kanta, wadda kuma tallan neman ma'aikata a fannin ƙirar injuna ke yawan ambata da suna. SOLIDWORKS ta fito tun 1995, kamfanin Dassault Systèmes ya saye ta a 1997, kuma ta daɗe da zama kayan aikin yau da kullum a masana'antun ƙera injuna da kayan ƙarfe. Ɗalibin da ya ƙware a Inventor zai iya koyon ta, ban musa ba, domin tunanin ɗaya ne: a zana fasali, a ba shi awo da ƙa'idoji, a fitar da shi ya zama jiki. Amma mai ɗaukar aiki ba ya ba da wata uku na koyo idan ga wani a layi da ya iya. Ra'ayina shi ne ɗalibinmu ya fita da manhajoji biyu a hannunsa, ɗaya mun same ta kyauta, ɗaya mun saya.

Bari in faɗi abin da ɗalibi zai yi da ita, domin kada a ɗauka ado ne. Ɗauki aikin giyabos da muke bai wa 'yan aji uku. Ɗalibi zai ƙera kowace giya da sandarta da mazaunin boris, ya harhaɗa su, ya juya sandar shiga ya ga ko haƙoran suna cin juna ko suna karo. Idan ya canza kaurin sanda, duk takardun zanen da suka dogara da ita za su gyaru da kansu, har da jerin kayan da za a saya. Sannan fakitin ilimin yana ɗauke da ɓangaren Simulation, inda zai ɗora wa sandar nauyi a kwamfuta ya ga inda ƙarfen zai fi shan wahala, ya kwatanta da lissafin da ya yi da hannu a darasin ƙarfin kayan aiki. Wannan kwatancin shi ne darasin da na fi so su samu, domin a nan ne ɗalibi ke gane cewa kwamfuta tana iya ba da amsa mai launi mai kyau wadda ba daidai ba ce, idan shi ya ba ta sharaɗin da ba daidai ba. Daga nan ya fitar da fayil ɗin STEP ko DXF ko STL ya kai ɗakin ƙira a yanka ko a buga. Makarantun da ke da rajistar sabuntawa kuma suna iya shirya wa ɗalibansu jarrabawar CSWA, takardar shaidar ƙwarewa ce daga kamfanin kansa, wadda ɗalibi zai ɗora a kan digirinsa.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin rubutawa, amma gara shugabanni su ji ta daga gare mu. Idan jami'a ba ta samar da halastacciyar manhaja ba, ɗalibai suna samo ta sata. Suna kawo ta a filashi, tare da umarnin a kashe manhajar tsaro kafin a girka. A zangon da ya wuce sai da ma'aikatan fasaha suka goge kwamfutoci da dama suka sake girka komai saboda cutar da ta shigo ta wannan hanya, ayyukan wasu ɗalibai kuma suka salwanta. Na hana, na kafa sanarwa, mun rufe ikon girka manhaja a ɗakin. Amma hani ba ya hana ɗalibin da ke da aikin miƙawa ranar Litinin. Ban da haɗarin cuta, amfani da manhajar sata a kwamfutocin jami'a keta haƙƙin mallaka ne, kuma sunan jami'a ne zai fito idan aka bincika. Ga kuma abin kunya: muna koyar da ɗa'ar aikin injiniya a aji huɗu.

Dalilin da ya sa na zaɓi lasisin saba shi ne yawanmu. Ba ɗalibi 186 za a saya wa ba. Ana ajiye lasisin a saba ɗaya mai ɗauke da SolidNetWork License Manager, duk kwamfutar da ta buɗe manhajar ta karɓi kujera ɗaya, idan ta rufe ta mayar. Kujeru 40 na ɗalibai ne, ɗaya ta malami, ɗaya ta mai kula da ɗaki. Idan dillali a dunƙule yake sayarwa, a ɗauki dunƙulen da ya fi kusa da wannan adadi ta sama. Rarar ba za ta zauna banza ba, domin Sashen Injiniyancin Noma ya riga ya tambaye mu ko za mu ba shi rana ɗaya a mako. Ana kuma iya aron kujera zuwa kwamfutar tafi-da-gidanka har tsawon kwana 30, abin da zai taimaki 'yan ajin ƙarshe lokacin hutu.

Na nemi shekara uku ne saboda kamfanin yana fitar da sabuwar siga kowace shekara, tsohuwar siga kuma ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa yadda ya kamata. Idan muka saya sau ɗaya muka bari, ba da daɗewa ba ɗalibi zai zo da aiki daga wurin koyon sana'a ɗakin ya kasa buɗewa. Kuma na fi son a san nauyin tun yanzu a sa shi cikin kasafi, da a ce kowace shekara sai an sake rubuta wasiƙa irin wannan ana tsakiyar zango.

Wajibi ne in bayyana iyakar lasisin. Na koyarwa ne kawai. Ba a yin aikin kwangila ko na kuɗi da shi, zanen da aka fitar ma yana ɗauke da tambarin da ke nuna na ilimi ne. Idan sashen kasuwanci na jami'a ya so yi wa wani kamfani ƙira, sai ya sayi nasa lasisin daban. Zan sa kowane ɗalibi ya sa hannu a kan wannan sharaɗi a farkon zango, ni kuma in ɗauki alhakin kiyaye shi a ɗakin.

Daga sashen fasahar sadarwa abu kaɗan muke buƙata: adireshin saba da ba ya canzawa, buɗe ƙofofin 25734 da 25735 a katangar tsaro ta cikin gida, da na'urar riƙe wuta ga sabar, domin idan ta mutu duk ɗakin ya rasa lasisi. Manhajar a kan Windows take aiki, kuma tunda ranar 14 ga Oktoba, 2025 ce ƙarshen tallafin Microsoft ga Windows 10, ina ba da shawarar a ɗaga kwamfutocin zuwa Windows 11 a lokacin girkawa, a yi aikin sau ɗaya. Girkawar da kanta ni da mai kula da ɗaki za mu yi cikin mako guda, ba tare da an biya kowa ba.

Darasin ƙirar injuna zai fara a mako na biyu na zango mai zuwa. Idan amincewa ta fito kafin ƙarshen watan Maris, ofishin Ma'aji zai samu lokacin kammala biya, mu kuma mu girka mu gwada kafin ɗalibai su dawo. A shirye nake in bayyana gaban kwamitin saye-saye in amsa tambayoyi, ko in karɓi mambobinsa a ɗakin ranar Laraba da safe, lokacin da 'yan aji uku ke darasi.

Na gode, Allah ya ƙara wa shugaba lafiya.

Naka mai biyayya,
Malami mai kula da ɗakin CAD,
Sashen Injiniyancin Kanikanci.

Kwafi zuwa ga: Magatakarda, Ma'aji, Daraktan Fasahar Sadarwa.