Takalmin Habu

Fil biyu da wata 'yar waya ne suka riƙe silifas ɗin Habu. Ƙafar hagu ta cinye har ta huje ta wajen dunduniya, in ya taka ƙasa da safiyar hunturu sai ya ji sanyin har cikin ƙashi. Faso kuwa ya tsattsaga masa diddige, man kaɗanya ma ya gaza.

Duk ranar Litinin ake duba farce da takalmi a asambili, shi ya sa Habu yake maƙalewa a layin baya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yana aji 4, amma bai taɓa yarda a kira shi gaban allo ba, ko da ya san amsa.

Wani dare yana kwance kan tabarma, barci ya fara ɗaukarsa, sai ya ji ana taɓa masa tafin ƙafa. Ya buɗe ido kaɗan. Inna ce durƙushe da fitila, tana gwada tsawon ƙafarsa da tsinken tsintsiya. Ta ƙara kamar yatsa guda, ta karya tsinken, ta ƙulle shi a bakin zane. Habu ya rufe ido, zuciyarsa na dukan uku-uku.

Ashe a makon nan ne za ta kwashi adashen da ta yi wata uku tana zubawa da kuɗin awara.

Ranar Asabar ta hau adaidaita sahu daga Ɗorayi zuwa kasuwar Ƙofar Wambai. Sai bayan la'asar ta dawo, da baƙar leda a hannu.

"Habu, zo ka wanke ƙafarka."

Baƙin takalmi ne sau-ciki, mai igiya. Na gwanjo ne, amma an goge shi yana ƙyalli, ga safa fara a cuse ciki. Ya zura ƙafa, ta yi masa lako-lako.

"Inna, ya yi mini yawa."

"Ai da gangan ne. Ƙafa girma take yi." Ta yago takarda daga tsohon littafinsa, ta dunƙule, ta tura a bakin takalmin. Ta koya masa ɗaurin igiya sau uku kafin hannunsa ya kama.

Ya miƙe ya taka tsakar gida. Ƙwas, ƙwas. Bai ji tsakuwa ba, bai ji sanyi ba. Ya so ya ce an gode, maganar ta tsaya masa a wuya, sai kawai ya durƙusa.

"Tashi, Allah ya yi maka albarka. Ka kashe lafiya."

Ranar Litinin ya zuba takalmin a leda, ya sa tsohon silifas har ya tsallake kwatar unguwa. A gindin darbejiyar ƙofar makaranta ya zauna, ya kakkaɓe ƙafa, ya sa safa, ya ɗaure igiya. Da aka buga ƙararrawa, ya ratsa yara ya je ya tsaya a layin gaba.