Rahoton bitar katsewar rumbun bayanan biyan kuɗi na ranar 27 ga Nuwamba 2025

Sashen Kula da Rumbun Bayanai da Sabobi ne ya shirya. An kammala bita ranar Talata, 2 ga Disamba 2025. Duk lokutan da ke ciki agogon Najeriya ne. Rahoton bai zo don ɗora wa kowa laifi ba, shi ya sa aka ambaci mutane da muƙamansu kawai.

A taƙaice

Da misalin ƙarfe 19:12 na daren Alhamis, diskin da ke ɗauke da WAL, wato rajistar da rumbu ke fara rubuta kowane sauyi a cikinta kafin ya shiga teburori, a sabar db-01, wadda ita ce jagorar rumbun biyan kuɗi, ya lalace. A tsarinmu ya kamata db-02, sabar da ke jiran gadonta, ta karɓi ragama cikin minti 2. Sai da aka yi minti 39 kafin komai ya dawo daidai. A wannan tsakanin wakilan POS ba su iya cire kuɗi ko tura su ba, ga shi ƙarshen wata ne, albashi ya fara shiga. Buƙatu 61,400 sun faɗi. Mutum 1,930 an cire musu kuɗi a bankunansu ba su karɓi komai a hannu ba, an kuma mayar musu kafin azahar ɗin Juma'a. Mu'amala 2 da db-01 ta riga ta tabbatar ba su isa db-02 ba, an shigar da su da hannu bayan an gwada da rajistar manhaja.

Lalacewar diski ba ita ce abin binciken ba, don diski dama yana lalacewa kuma saboda haka aka ajiye mai jiran gado. Abin da ya ja lokaci shi ne db-02 ta karɓi WAL ɗin kusan duka amma ta yi awa uku ba ta aiwatar da shi ba, kuma babu ma'aunin da ya nuna mana hakan.

Yadda tsarin yake

Sabobi uku ne, PostgreSQL 14 ƙarƙashin Patroni 3.0, manhajar da ke sauya jagoranci idan jagora ta faɗi. Sabar da ke riƙe da makullin jagoranci ita ce jagora, makullin kuma yana cikin ma'ajiyar etcd. db-01 da db-02 suna ɗaki ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. db-03 tana wani gari, ƙarama ce, kuma an sa mata `nofailover: true`, wato ba za a ɗora ta a jagoranci ba. Kwafin ba mai jiran tabbaci ba ne, wato jagora ba ta jiran mai jiran gado kafin ta ce mu'amala ta shiga. Manhajoji suna bi ta HAProxy, shi kuma yana tambayar `/primary` a tashar 8008 ta kowace saba don sanin wadda ke jagoranci.

Jerin abin da ya faru

16:20. Sashen lissafi ya tayar da rahoton ƙarshen wata a kan db-02.

16:26. Aiwatar da WAL ya tsaya cak a db-02. Karɓa kuwa ta ci gaba kamar kullum.

19:12:40. db-01 ta rubuta `PANIC: could not fdatasync file` tare da `Input/output error`. PostgreSQL ya shiga farfaɗo da kansa, ya maƙale wajen karanta diskin da ya lalace. Patroni yana raye, don haka ya ci gaba da riƙe makulli.

19:13. HAProxy ya cire db-01. Babu sabar da ke amsa 200, alamar cewa ita ce jagora, a `/primary`.

19:14. Ƙararrawa ta isa ga injiniyan da ke bakin aiki. Ya amsa 19:16, ya buɗe kiran gaggawa.

19:17:50. Wa'adin daƙiƙa 300 na `primary_start_timeout`, wanda Patroni ke ba jagora ta farfaɗo, ya cika, Patroni ya saki makulli.

19:18. db-02 ta ɗauki makulli, aka umarce ta da zama jagora. `pg_is_in_recovery()` ya ci gaba da cewa `t`, wato har lokacin tana cikin farfaɗowa, ba ta fara karɓar rubutu ba.

19:18 zuwa 19:30. An duba etcd, an duba HAProxy, an duba hanyar sadarwa tsakanin sabobin. Duk lafiya lau.

19:31. Shugabar sashe ta shigo kiran, ta nemi a gwada abin da aka karɓa da abin da aka aiwatar. Tazarar ta fito GB 38.

19:33. An kashe tambayar rahoton da `pg_terminate_backend()`. Nan take aiwatarwa ta motsa.

19:44. db-02 ta gama, ta fara karɓar rubutu. 19:45 yawancin manhajoji sun dawo.

19:52. An gyara adireshin rumbu a manhajar asusun wakilai, aka sake tayar da ita. Katsewa ta ƙare.

Tushen matsalar

A watan Maris sashen lissafi ya koka cewa dogayen rahotanninsu a db-02 suna mutuwa da saƙon `canceling statement due to conflict with recovery`. Dalili sananne ne: idan jagora ta share tsofaffin layuka, kuma wata tambaya a mai jiran gado tana buƙatarsu, PostgreSQL yana jinkirta aiwatar da WAL na ɗan lokaci, daƙiƙa 30 a saitin asali, sannan ya kashe tambayar. Don a huta da ƙorafin, aka mayar da `max_standby_streaming_delay` da `max_standby_archive_delay` zuwa `-1` a db-02, ma'ana a jira har abada. An bi ƙa'idar neman izinin sauyi, an kuma amince. Sai dai takardar neman izinin ta kira db-02 sabar rahotanni, ba ta ce ita kaɗai ce za ta iya gadar db-01 ba, mai bitar ma bai tambaya ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da dogon rahoto ke gudana db-02 tana tara WAL a diski ba tare da ta zuba shi cikin teburori ba. A ranakun da aka saba rahoton minti ashirin ne, tazarar ta rufe ba wanda ya lura. Na ƙarshen Nuwamba ya haɗa wata goma sha ɗaya, ya kuma zo daidai da lodin albashi.

Patroni bai yi kuskure ba da ya zaɓi db-02. Iyakar `maximum_lag_on_failover` ɗinmu, wato tazarar da mai jiran gado ba za ta wuce ba idan za a zaɓe ta, ita ce ta asali, bayit 1,048,576, kuma matsayin da yake aunawa ya haɗa da WAL da aka karɓa ko da ba a aiwatar ba. Ta wannan ma'auni db-02 tana dab da jagora. Amma PostgreSQL ba ya kammala hawa jagoranci sai ya aiwatar da duk WAL da ke hannunsa, aiwatarwar kuma tana jiran rahoto, rahoton kuma an ce kada a taɓa shi. Ba don an kashe tambayar da hannu ba, da katsewar ta kai duk lokacin da rahoton ya ga damar ƙarewa.

Ga yadda minti 39 suka kasu: 5 a jiran `primary_start_timeout`, 15 a jiran tambayar da ta tare hanya, 11 a aiwatar da GB 38 (kimanin MB 59 a daƙiƙa), 8 kuma a dawowar manhajoji.

Abubuwan da suka ƙara tsawaita lokacin

Allon sa ido yana auna tazara da `flush_lsn` na `pg_stat_replication`, ba da `replay_lsn` ba. Ya nuna sifili tun daga 16:26 har diskin ya mutu. Wannan shi ne ya fi damunmu a bitar, domin injiniyan da ke bakin aiki ya duba allon, ya ga kore, ya yi abin da ya dace da abin da ya gani: ya koma neman matsala a etcd da HAProxy. Littafin matakan gaggawa ma can ya tura shi, babu layi ɗaya a cikinsa game da saba da ta ɗauki makulli amma ta ƙi fita daga farfaɗowa. Umarnin da ya warware lamarin gajere ne:

```sql
SELECT pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(
  pg_last_wal_receive_lsn(), pg_last_wal_replay_lsn()));
```

Haka kuma `pg_stat_activity` yana nuna tsarin `startup`, wanda ke aiwatar da WAL, yana jiran `RecoveryConflictSnapshot` tun 16:26. `log_recovery_conflict_waits` a kashe yake, kamar yadda ya zo, shi ya sa rajistar db-02 ta yi shiru.

Manhajar asusun wakilai tana ɗauke da adireshin IP na db-01 kai tsaye, ragowar wani gyaran wucin gadi da ba a warware ba. Ba ta taɓa bi ta HAProxy ba.

Atisayen sauyin jagoranci na watan Agusta ya ƙare cikin daƙiƙa 41, kuma da shi muka dogara. An yi shi ne da `patronictl switchover`, ƙarfe biyun daren Lahadi, jagora na da lafiya, babu rahoton da ke gudana, an kuma rufe manhajar wakilai don gyara. Wato babu ko ɗaya cikin abubuwa huɗun da suka ci lokaci da atisayen zai iya tonowa.

Shawarar da aka yanke a tsakiyar kira

Da ƙarfe 19:34 an kawo shawarar cire `nofailover` daga db-03 a ɗora ta, tunda ta aiwatar da duk abin da ta karɓa. An ƙi. Tana bayan db-02 da kusan MB 6 na WAL, wanda ke nufin ƙarin mu'amalolin kuɗi da za su ɓace, kuma ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki lodin ƙarshen wata ba. Masu bita sun goyi bayan wannan hukunci: jiran minti goma ya fi sauƙin biya a kan kwanakin daidaita asusu da hannu.

Matakan gyara

An riga an yi: an mayar da saitunan jinkiri biyu zuwa `30s` a db-02 daren da abin ya faru. An canza diskin db-01, an sake gina ta da `patronictl reinit` ranar 28 ga Nuwamba, yanzu ita ce mai jiran gado, kuma babu rahoton da ke hawa kanta. An kunna `log_recovery_conflict_waits` a sabobin uku.

1. Mayar da duk rahotanni kan db-03, tare da janye izinin shiga na asusun rahotanni daga db-01 da db-02 a `pg_hba.conf`. Sashen rumbu da sashen lissafi, 5 ga Disamba. An shaida wa sashen lissafi cewa rahotanninsu za su yi jinkiri a can, sun amince zuwa lokacin da za a ƙara wa sabar ƙwaƙwalwa.

2. Sabuwar ƙararrawa a kan tazarar aiwatarwa: gargaɗi idan ta wuce MB 256 na minti 2, kiran waya idan ta wuce GB 1. Sashen sa ido, 5 ga Disamba.

3. Rage `primary_start_timeout` zuwa 60. Wasu sun so a sa 0 don sauyi ya faru nan take, amma muddin kwafin ba mai jiran tabbaci ba ne, kowane sauyi na iya cin mu'amala, har da wanda ɗan tuntuɓe ne da jagora za ta farfaɗo daga shi da kanta. Sashen rumbu, 5 ga Disamba.

4. Gwada `synchronous_mode` a dandalin gwaji da lodin ƙarshen wata, a auna jinkirin da yake ƙara wa kowace mu'amala. Idan bai wuce milidaƙiƙa 5 ba a kunna shi, sannan a sake duba mataki na 3. Sashen rumbu, 19 ga Disamba.

5. Binciko duk manhajar da ke haɗuwa da rumbu ba ta HAProxy ba, ta hanyar `client_addr` a `pg_stat_activity`, sannan a toshe tashar 5432 ga kowa in ban da HAProxy, sabobin rumbun da na'urar sa ido. Sashen manhajoji da sashen sadarwa, 12 ga Disamba.

6. Ƙara sashe a littafin matakai: idan saba ta ɗauki makulli ta wuce daƙiƙa 60 tana cikin farfaɗowa, a duba tazarar aiwatarwa da abin da `startup` ke jira kafin komai. Injiniyan da ke bakin aiki yana da ikon kashe kowace tambaya a mai jiran gado ba tare da neman izini ba. Shugabar sashe, 5 ga Disamba.

7. Duk takardar neman sauya saiti za ta faɗi matsayin sabar a sauyin jagoranci, kuma sai wani daga sashen rumbu ya sa hannu. Kwamitin sauye-sauye, 12 ga Disamba.

8. Atisaye na gaba ranar Asabar, 13 ga Disamba, za a yi shi ta hanyar cire diskin WAL daga jagora a dandalin gwaji, lodi yana gudana, doguwar tambaya tana kan mai jiran gado, duk manhajoji a kunne. Ba za a rufe wannan rahoto ba sai atisayen ya kammala ƙasa da minti 2.